Jadawalin Hukunci a Gwajin Ƙa'idojin Ragi: Haɗarin Taƙaita Jadawali Kafin a Cike Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki ƙa'idojin ragi guda huɗu na wani shagon sari da aka ƙaddara domin misali, ta gina musu jadawalin hukunci daga tushe, ta bi sakamakon da naira. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ribar jadawalin tana fitowa ne a lokacin da ake cike shi gaba ɗaya, domin a nan ake gane wuraren da ƙa'idojin suka yi shiru ko suka ci karo. Taƙaita jadawali kuwa, wadda ake koyarwa a matsayin hanyar rage wahala, zato ce game da yadda aka rubuta manhaja, kuma mai gwaji ba shi da hurumin yarda da wannan zato kafin ya gwada.

Ƙa'idoji huɗu, yanayi goma sha shida

Jadawalin hukunci tsohuwar dabara ce. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka fara amfani da shi wajen tsara ayyukan kwamfuta a kamfanoni irin su General Electric, kuma Glenford Myers ya ba shi gurbi a fagen gwajin manhaja cikin littafinsa The Art of Software Testing na 1979. Tsarinsa mai sauƙi ne. A sama ana jera sharuɗɗa, a ƙasa ana jera abubuwan da manhaja za ta aikata, sannan kowane layin tsaye, wato ginshiƙi, yana ɗauke da yanayi guda: wannan sharaɗi ya cika, wancan bai cika ba, ga kuma hukuncin da ya biyo baya. Idan kowane sharaɗi amsarsa e ce ko a'a, yawan ginshiƙai yana ninkuwa biyu duk lokacin da aka ƙara sharaɗi ɗaya.

A ƙaddara wani shagon sari da ke sayar da kaya ta manhaja, mai shagon kuma ya miƙa wa masu rubuta manhajar takarda mai ƙa'idoji huɗu. Ta farko, kwastoma mai rajista yana samun ragin kashi 5 cikin ɗari. Ta biyu, wanda ya sayi kayan naira 50,000 ko fiye yana samun ragin kashi 10 cikin ɗari. Ta uku, wanda ya zo da tikitin ragi mai aiki za a cire masa naira 2,000. Ta huɗu, wanda ake bin sa bashin da wa'adinsa ya wuce ba shi da ragi. Duk wanda ya karanta jimlolin nan zai ce babu wani duhu a cikinsu, kuma ɗaya bayan ɗaya lallai babu. Mai gwajin da ya tsaya kan takardar zai fitar da gwaji huɗu, ko biyar idan ya tuna da kwastoman da bai cika ko ɗaya daga sharuɗɗan ba, ya ga duk sun wuce, ya sa hannu.

Sharuɗɗa huɗu suna haifar da yanayi 16. Mai shagon ya ce mai rajista kaɗai ake ba kaya bashi, don haka ginshiƙai huɗun da suka haɗa bashi da rashin rajista za a ajiye su gefe a matsayin waɗanda ba za su auku ba, kodayake za mu dawo kansu. Saura 12. Abin da ya kamata a yi da waɗannan 12 shi ne a ɗauki kowanne, a nemi amsarsa a cikin takardar mai shago kaɗai, ba tare da an sa hasashe ba. Ginshiƙin da babu sharaɗin da ya cika a bayyane yake, haka ma ukun da sharaɗin ragi guda ɗaya tak ya cika a cikinsu. Daga ginshiƙai huɗu na mai bashi, biyun da babu tikiti a cikinsu ana iya cike su, tunda kowa ya fahimci ƙa'ida ta huɗu ta zo ne don ta danne ta farko da ta biyu. Shida ke nan. Ragowar shidan, rabin dukkan yanayin da kwastoma zai iya zuwa da shi gaban kanta, takardar ba ta ce komai a kansu ba.

Yana da kyau a ga girman wannan shiru da kuɗi. Mai rajista ya sayi kayan naira 60,000. Idan aka haɗa kashi 5 da kashi 10 suka zama 15, zai biya 51,000. Idan aka cire kashi 10 aka sami 54,000, sannan aka cire kashi 5 daga abin da ya rage, zai biya 51,300. Idan kuwa mafi girman ragin kaɗai ake bayarwa, zai biya 54,000. Amsoshi uku, kuma kowacce tana iya kare kanta da takardar nan guda. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne haɗuwar tikiti da iyakar 50,000. Kwastoma marar rajista ya sayi kayan naira 51,000, yana riƙe da tikiti. Idan aka fara cire kashi 10, sai a sami 45,900, a cire 2,000, ya biya 43,900. Idan aka fara cire tikitin, kuɗin ya sauko 49,000, ya faɗo ƙasa da iyaka, ragin kashi 10 ya kuɓuce masa, ya biya 49,000. Idan kuma aka auna iyakar da asalin kuɗin, amma aka fara cire tikitin kafin kason, zai biya 44,100. Tsakanin amsa ta farko da ta biyu akwai naira 5,100 a ciniki ɗaya, fiye da ninki biyu na darajar tikitin kanta. A amsa ta biyun ma tikitin cutar da mai shi ya yi, domin da ya bar shi a aljihu da 45,900 zai biya.

Mai rubuta manhaja ba zai iya barin waɗannan wurare a buɗe ba, domin kwamfuta sai ta fitar da wani adadi. Zai zaɓi ɗaya daga amsoshin, galibi ba tare da ya lura cewa zaɓi ya yi ba, kuma jerin da ya bi wajen rubuta layukansa shi zai zama dokar shago. Idan mai gwaji ya zo daga baya ya cike ginshiƙan ta hanyar duba abin da manhaja ta fitar, ya mayar da jadawalin madubin kuskuren da ya zo nema. Saboda haka layin sakamako ba na mai gwaji ba ne kuma ba na mai rubuta manhaja ba ne. Na mai kuɗin ne. Aikin mai gwaji ya kai masa ginshiƙan da babu amsa, da adadin naira a gaban kowace fassara, domin mai shago da ba zai gane tambaya kan jerin aiwatar da ƙa'idoji ba, nan take zai gane bambancin 43,900 da 49,000.

A ce an kai masa, ya yanke kamar haka. Ba a haɗa kaso biyu, mafi girma ake ɗauka. Ana auna iyakar 50,000 da asalin kuɗin kaya, kafin kowane ragi kuma kafin haraji. Tikiti ana cire shi ne bayan an cire kaso. Mai bashi ba ya samun komai, har da tikiti, amma kada a ƙona masa tikitin, ya iya amfani da shi bayan ya biya bashinsa. Wannan hukunci na ƙarshe ya fito da wani abu da babu shi sam a takardar farko, wato aiki na biyu da manhaja ke yi a ɓoye: rubuta cewa an yi amfani da tikiti. Dole ya sami layinsa a jadawali, domin manhaja na iya fitar da kuɗi daidai, ta kuma ƙona tikitin da ba ta girmama ba, kuma rasit ba zai nuna hakan ba. Batun haraji ma ba ƙarami ba ne. A Najeriya harajin da ake ɗora wa kayayyaki ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, don haka kayan naira 47,000 da ke ƙarƙashin harajin suna zama 50,525, su tsallake iyaka idan aka auna ta a wurin da bai dace ba.

Karan ɗori da abin da yake ɓoyewa

Bayan an cike ginshiƙai 12, littattafan koyarwa suna cewa a taƙaita. Dokar ita ce, idan ginshiƙai biyu suna da sakamako iri ɗaya, kuma sharaɗi ɗaya kaɗai ya raba su, a haɗe su a sa karan ɗori a gurbin wannan sharaɗi, alamar cewa ko ya cika ko bai cika ba duk ɗaya. Da zarar kuɗi ya kai 50,000, rajista ba ta sauya komai, tunda kashi 10 ya fi kashi 5. Da zarar akwai bashi, girman ciniki da tikiti ba sa sauya komai. Jadawalin sai ya koma ginshiƙai bakwai, inda E ke nufin e, A kuma a'a:

```
               1   2   3   4   5   6   7
rajista        A   E   A   E   -   -   E
50,000 zuwa    A   A   A   A   E   E   -
tikiti         A   A   E   E   A   E   -
bashi          A   A   A   A   A   A   E
kaso           0   5   0   5   10  10  0
cire 2,000     A   A   E   E   A   E   A
ƙona tikiti    A   A   E   E   A   E   A
```

Akwai hanyar tabbatar da cewa taƙaitawar ba ta zubar da komai ba. Ginshiƙi marar karan ɗori yana wakiltar yanayi ɗaya, mai karan ɗori ɗaya yana wakiltar biyu, mai guda biyu yana wakiltar huɗu. Ginshiƙai huɗun farko sun ba da 4, na biyar da na shida sun ba da 4, na bakwai ya ba da 4, jimla 12. A ƙara huɗun da aka ajiye gefe, an dawo 16. Idan lissafin ya gaza 16, akwai yanayin da babu hukuncinsa. Idan ya zarce, akwai yanayin da ya faɗa ginshiƙai biyu, sai a duba ko hukuncinsu ya saɓa. Lissafin kan iya cika ta hanyar giɓi da maimaici su soke juna, don haka cikarsa ba ta isa hujja ita kaɗai ba, amma rashin cikarsa hujja ce tabbatacciya cewa akwai matsala.

A matsayin bayanin ƙa'ida, jadawalin ginshiƙai bakwai daidai yake, kuma ya fi daɗin karatu. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ce gwaji ɗaya ga kowane ginshiƙi ya wadatar, wanda kuwa shi ne mafi ƙarancin mizanin da aka saba koyarwa, har a manhajar karatun ISTQB. Karan ɗori yana cewa rajista ba ta da tasiri a ginshiƙi na biyar. Wannan gaskiya ce game da nufin mai shago. Ko gaskiya ce game da manhajar da aka rubuta, shi ne ainihin abin da ba a sani ba tukuna. A dubi waɗannan layuka, waɗanda kowane mai rubuta manhaja zai iya rubutawa idan takardar farko kaɗai ya gani:

```python
kaso = 0
if not bashi:
    if rajista:
        kaso += 5
    if jimla >= 50000:
        kaso += 10
biya = jimla - jimla * kaso / 100
if tikiti:
    biya -= 2000
```

Kurakurai biyu ne a ciki. Ana haɗa kaso maimakon ɗaukar mafi girma, sannan cire tikiti ya fita daga ƙarƙashin sharaɗin bashi. Yanzu a ce mai gwaji ya ɗauki ginshiƙai bakwai, kuma duk inda ya ga karan ɗori ya sa a'a, wanda shi ne mafi sauƙi, tunda ba sai ya ƙirƙiri rajista ko tikiti ba. A ginshiƙi na biyar zai gwada marar rajista da kayan 60,000, ya sami 54,000, daidai. A na shida zai gwada marar rajista mai tikiti, ya sami 52,000, daidai. A na bakwai zai gwada mai bashi marar tikiti da ƙaramin ciniki, ya ga ba a rage komai ba, daidai. Gwaje-gwaje bakwai sun wuce, rahoto ya ce an rufe dukkan ginshiƙai, kurakuran biyu kuma suna nan daram. Ba tsautsayi ba ne ya sa suka ɓuya a nan. Karan ɗori yana fitowa ne daidai inda wata ƙa'ida ta danne wata, kuma danne ƙa'ida shi ne aikin da mai rubuta manhaja ya fi mantawa da shi, domin ba a rubuta shi a matsayin ƙa'ida mai zaman kanta ba. Wurin da taƙaitawa ke cewa a kau da kai shi ne wurin da kuskure ya fi yiwuwa.

Maganin ba wuya. Inda ginshiƙan ba su da yawa, a gwada su duka. Gwaji 12 da na'ura ke gudanarwa ba su fi bakwai tsada ba ta kowace fuska da za a damu da ita. Inda dole sai an taƙaita, a cike kowane karan ɗori da ƙimar da za ta sauya sakamako in da ƙa'idar dannewa ba ta aiki. A ginshiƙi na biyar a sa mai rajista, manhajar da ke sama za ta fitar da 51,000 maimakon 54,000. A na bakwai a sa babban ciniki da tikiti tare, za ta fitar da 58,000 maimakon 60,000. Da gwaje-gwaje bakwai ɗin nan dai, ba ƙari, an kama duka biyun.

Sauran ginshiƙai huɗun da aka ce ba za su auku ba, su ma karan ɗori ne a cikin wata riga. Maganar cewa mai rajista kaɗai ake ba bashi gaskiya ce a ranar da aka ba da bashin. Idan rajista tana ƙarewa bayan shekara, ko ana iya soke ta, to mutum na iya zama marar rajista alhali bashi na kansa. Manhajar da ta ɓoye duba bashi a cikin duba rajista za ta ba wannan mutum kashi 10 da tikiti, wato wanda shago ya fi ƙin yi wa ragi shi zai samu cikakke. Don haka kafin a yarda cewa yanayi ba zai auku ba, a tambaya mene ne ke hana shi, manhaja ce ko al'adar ma'aikata, kuma ko hanin yana ɗorewa bayan lokaci ya wuce. Idan amsar ba ta gamsar ba, a dawo da ginshiƙan, a nemi hukuncinsu. A misalinmu gyaran ƙarami ne: rajistar ginshiƙi na bakwai ta koma karan ɗori, ya wakilci yanayi takwas, lissafi ya cika 16 ba tare da an ajiye komai gefe ba.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce ta yawa. Sharuɗɗa huɗu 16 ne, amma goma 1,024 ne, kuma shago na gaske yana da ragin lokacin salla, da ragin wasu nau'ukan kaya, da na ma'aikata, da na wanda ya kawo sabon kwastoma. Wa zai zauna ya cike ginshiƙai dubu? Sukar tana da ƙarfi, kuma babu amfanin musanta ta. Sai dai da wuya sharuɗɗa goma su kasance duk suna cuɗanya da juna kai tsaye. Ko a ƙaramin misalinmu hukunci uku ne a jere: shin wannan kwastoma ya cancanci ragi, wane kaso zai samu, sannan me za a yi da tikitinsa. Kowanne yana iya samun ƙaramin jadawalinsa, sakamakon na farko ya zama sharaɗi a na biyu da na uku. Sharuɗɗa goma da aka raba gida uku, huɗu da uku da uku, suna ba da 16 da 8 da 8 kafin a ƙara sharaɗin da ke haɗa su, kuma ko an ƙara shi adadin bai kai ɗari ba. Amma a lura, raba jadawali shi ma zato ne cewa sassan ba sa shafar juna sai ta mahaɗar da aka zana, kuma mun ga yadda tikiti ya iya komawa baya ya taɓa iyakar 50,000. Saboda haka bayan rabawa ana buƙatar 'yan gwaje-gwaje da ke ratsa jadawalan duka, a zaɓe su daidai kan mahaɗan. Idan kuwa ƙa'idoji suka ƙi rabuwa ta kowace hanya, wannan ma sakamako ne da ya kamata mai shago ya ji, domin ƙa'idar da ba ta shiga jadawali, ma'aikacin kanta ma ba zai iya bayyana wa kwastoma ita ba.

Suka ta biyu ta fi zurfi. Akwai dabarar gwajin bibbiyu, wadda ke tabbatar da cewa kowace ƙimar sharaɗi ta haɗu da kowace ƙimar wani sharaɗin aƙalla sau ɗaya. Ga sharuɗɗa huɗu masu e ko a'a, gwaji biyar sun isa, ga goma kuwa shida. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da binciken Kuhn da Wallace da Gallo na 2004, wanda ya nuna cewa yawancin kurakuran manhajojin da suka duba sharaɗi ɗaya ko biyu ne ke tayar da su, kuma babu wanda ya buƙaci fiye da shida. Binciken yana da nauyi, kuma inda ake gwada haɗuwar nau'in waya da burauza da harshe, dabarar bibbiyu ita ce zaɓin hankali. A ƙa'idojin ragi kuwa abubuwa biyu ke rage mata ƙarfi. Na farko, kuskuren haɗa kaso yana kama da na sharuɗɗa biyu, rajista da babban ciniki, amma ba ya bayyana sai babu bashi. Dabarar bibbiyu tana iya cika alƙawarinta ta haɗa rajista da babban ciniki a kan kwastoma mai bashi, inda ragin duka ya faɗi, kuskuren ya ɓuya. Duk ƙa'idar da ke danne sauran tana ƙara wa kowane kuskure sharaɗi guda kafin a gan shi. Na biyu, dabarar tana gaya wa mai gwaji abin da zai shigar, ba ta gaya masa abin da ya kamata ya fito. Ginshiƙai shidan da takardar mai shago ta yi shiru a kansu ba lallai ne su bayyana ta wannan hanya ba, tunda ba a tilasta wa kowa ya dube su ɗaya bayan ɗaya ba.

Suka ta uku tana fitowa daga masu rubuta manhaja: ai muna da ma'aunin da ke nuna cewa gwaji ya bi ta kowane reshe na manhajar, me jadawali zai ƙara? A koma kan layukan da ke sama. Gwaji ɗaya da mai rajista da ƙaramin ciniki da tikiti, na biyu da marar rajista da babban ciniki ba tikiti, na uku da mai bashi ba tikiti. Kowane `if` ya ga gaskiya ya ga ƙarya, ma'auni ya nuna ɗari bisa ɗari, kuma duk ukun sun fitar da kuɗi daidai. Ma'aunin rassa yana auna abin da aka rubuta ne kawai. Layin da ya kamata ya zaɓi mafi girman kaso ba a rubuta shi ba, don haka babu reshen da zai nuna ba a bi ta kansa ba.

Akwai kuma masu cewa a bar wahalar gaba ɗaya, a sa jadawalin kansa ya zama manhajar. Wannan yana yiwuwa, kuma mizanin DMN da ƙungiyar OMG ta fitar a 2015 an yi shi ne don irin wannan, har ya tanadi a bayyana abin da za a yi idan yanayi ya faɗa ginshiƙai fiye da ɗaya: ko a hana hakan sam, ko a ɗauki na farko, ko a tattara su. Wannan ya kawar da kuskuren juya jadawali zuwa layukan manhaja, wanda ba ƙaramar riba ba ce. Amma idan jadawali guda ne ke fitar da farashi kuma shi ne ake gwada farashin da shi, to mai laifi ne ke shaidar kansa. Dole a ajiye misalai masu adadin naira da mai shago ya amince da su, irin 43,900 ɗin can, a wajen jadawalin.

Ya rage a faɗi inda jadawalin ya tsaya, domin wuce gona da iri wajen yabonsa zai raunana hujjar. Jadawali yana ɗaukar kowane sharaɗi a matsayin abin da ya riga ya rabu gida biyu, bai damu da inda aka ja layin ba. Manhajar da ta rubuta `>` a maimakon `>=` za ta wuce dukkan ginshiƙai 16 idan aka gwada da 30,000 da 60,000. Sai an zaɓi adadin da ke bakin iyaka, 50,000 cif a ginshiƙan e da 49,999.99 a na a'a, sannan za a kama ta, kuma hakan ba ya ƙara yawan gwaji ko ɗaya. Haka nan aikin tikiti, wanda muka dunƙule a matsayin sharaɗi guda, yana da nasa iyakokin: ranar ƙarewa, da ƙarfe nawa ranar ke ƙarewa, da ko an taɓa amfani da shi. Abin da ya fi waɗannan wuya shi ne sharaɗin da ba wanda ya rubuta. Kwastoma marar rajista ya sayi kayan naira 1,500 ya miƙa tikitin 2,000. Yanayinsa ya faɗa ginshiƙi na uku, lissafin 16 ya cika, jadawali bai ga wani aibi ba, manhajar kuma za ta nuna shago ne zai ba shi naira 500. Cikar jadawali cika ce bisa sharuɗɗan da aka jera kaɗai. Hanyar da ta fi kusa da magance wannan ita ce a bi kowane ginshiƙi da tambaya guda: akwai kwastomomi biyu da za su faɗa nan amma mai shago ya so a yi musu hukunci daban? A ginshiƙi na uku amsar e ce, don haka akwai sharaɗi na biyar, wato ko kuɗin da ya rage bayan kaso ya kai darajar tikitin. Ba sai jadawali ya koma 32 ba, domin sabon sharaɗin bai shafi marar tikiti ko mai bashi ba, kuma ba zai gaza cika a cinikin 50,000 ba. Ginshiƙi na uku da na huɗu kaɗai za su rabu biyu, mai shago kuma ya yanke ko a ƙi tikitin, ko a mayar da kuɗin biya sifiri, da kuma ko za a ƙona shi a kowane hali.